Ofdet ɗin iyafis da hedfon na bulutut: tambayoyin da ake yawan yi, da lokacin da ya fi kyau ka ƙyale shi

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne kullum, daga wanda ya sayi iyafis ɗin dubu goma har mai hedfon ɗin da kuɗinsa ya kai na waya. Wani saƙo ya fito masa cewa akwai sabon ofdet yana tsoron dannawa, wani kuma ya riga ya danna yanzu kunne ɗaya ya yi shiru. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, in matsala ta riga ta same ka to tsallaka kai tsaye zuwa tambayar wanda ya tsaya a hanya ko ta kunne ɗaya.

Wai mene ne famwe ɗin nan, iyafis ma yana da manhaja a cikinsa?

Yana da ita mana. A cikin kowane kunne akwai ɗan ƙaramin cif, shi ne yake karɓar sauti daga waya ta bulutut, yake lissafin caji, yake gane ka taɓa sau ɗaya ne ko sau biyu, yake kuma sarrafa makirfo da kashe hayaniya in naka yana da shi. Umarnin da cif ɗin yake bi shi ake kira famwe, a allon waya za ka ga an rubuta Firmware ko Software version. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a iyafis mai kunne biyu a rabe, kowane kunne da nasa famwen, a wasu ma har kes ɗin cajin yana da nasa. Wato abu biyu ko uku ne ake sabuntawa ba ɗaya ba, kuma daga nan yawancin matsaloli suke fitowa.

Ta yaya zan san nawa yana karɓar ofdet ma?

Ka duba ko kamfanin yana da manhajarsa a Play Store ko App Store, kuma samfurinka yana cikin waɗanda manhajar take ganewa. Samsung suna da Galaxy Wearable, Sony suna da Sound Connect wadda a da ake kira Headphones Connect, akwai JBL Headphones, akwai soundcore ta Anker, akwai oraimo sound. Ka haɗa iyafis ɗin, ka buɗe manhajar, ka nemi wurin da aka rubuta lambar famwe. In manhajar ta ƙi ganinsa sam alhali yana kiɗa lafiya, to ko dai wannan samfurin ba a yi shi da ofdet ba, ko kuma ba orijina ba ne.

Masu arha da yawa ba su da manhaja ko kaɗan, yadda suka fito daga kwali haka za su mutu, kuma wannan ba aibi ba ne. AirPods kuma nasu tsarin daban ne, na yi masa tambayarsa a ƙasa.

Dole ne sai na yi? In na ƙi yi zai lalace?

Ba zai lalace ba. Iyafis ba kamar manhajar banki ba ne da za ta ce ba za ta buɗe ba sai ka sabunta. Famwen da yake ciki yau zai ci gaba da aiki yadda yake har batir ya gaji. Abin da kawai kan faru shi ne ka canja waya ko wayarka ta yi babban ofdet sai ka ga haɗuwarsu ta fara tangarɗa, to nan ne tsohon famwe kan nuna tsufansa. Ban da wannan da kuma maganar tsaro, jan ɗigon da yake kan manhajar ba umarni ba ne.

To yaushe ne ofdet ya cancanci a yi shi?

Ni dai abin da nake yi shi ne in karanta bayanin da suka rubuta a ƙarƙashin lambar, sannan in tambayi kaina ko akwai abin da ya shafe ni a ciki. Dalilin farko mai ƙarfi shi ne su ambaci ainihin ciwon da yake damunka. Misali kullum in kira ya shigo sai sauti ya koma lasifikar waya, ko kunnen hagu yana yankewa in ka sa waya a aljihun dama, sai ka ga sun rubuta cewa sun gyara yankewar haɗi lokacin kira, to wannan naka ne, yi kawai. Na biyu shi ne gyaran tsaro, wanda na yi bayaninsa a tambaya ta gaba.

Na uku shi ne sabon abu da za ka yi amfani da shi da gaske, kuma wani lokacin abin yana da girma ba wasa ba. Sony WF-1000XM3 da ya fito a 2019 ba a iya ƙara ko rage murya daga jikinsa, ofdet ne ya kawo wannan daga baya. WF-1000XM4 ya samu damar haɗuwa da na'ura biyu a lokaci ɗaya a 2023 ta hanyar ofdet, wato laftof da waya tare ba sai ka cire wannan ka haɗa wancan ba. AirPods Pro 2 kuwa a ƙarshen 2024 ofdet ya ba shi gwajin ji da aikin na'urar taimaka wa ji a ƙasashen da aka amince da hakan. Irin waɗannan kamar an ba ka sabon kaya ne kyauta.

Wanda ba na rawar jiki a kansa shi ne mai bayanin layi ɗaya, irin su Improved stability ko General performance improvements, alhali nawa yana aiki lafiya lau. Ba wai ƙarya suke yi ba, a'a, amma ba su gaya maka me suka taɓa ba, kuma kai ba ka da ciwon da kake nema wa magani. Irin wannan ina barinsa ya kwana biyu tukuna, ka duba tambayar jira don jin dalili.

Maganar tsaro fa, wa zai tsaya yin kutse a iyafis?

Na san abin yana ba da dariya, amma ka tuna akwai makirfo a jikinsa kuma wayarka ta yarda da shi. A watan Yunin 2024 Apple sun fitar da famwe mai lamba 6A326 da 6F8 don toshe wata ɓaraka da wanda yake kusa da kai zai iya yin shigar wayarka ya haɗu da AirPods ɗinka. A 2025 kuma wani kamfanin binciken tsaro na Jamus mai suna ERNW ya bayyana ɓaraka a cif ɗin Airoha, wanda yake cikin wasu samfuran Sony da Bose da JBL da Marshall, ta yadda na kusa zai iya shiga na'urar ba tare da an haɗa shi ba. Irin wannan rami babu saitin da za ka canja a waya ya rufe shi, sai famwe.

Amma kada a firgita. Duk waɗannan sai mutum yana cikin tazarar bulutut, kamar mita goma ko sama kaɗan, kuma sai wanda ya san aikin, ba daga wata ƙasa za a yi maka ba. Mai jin karatu a ɗakinsa ba shi ne abin hari ba. Ɗan jarida, lauya, ko wanda yake tattauna harkar kuɗi a waya cikin taro, shi kam da zarar ya ga kalmar Security a bayanin ofdet kada ya jira komai.

Me ya sa ake cewa a jira sati ɗaya ko biyu? Ba za a iya komawa tsohon ba in sabon bai yi ba?

Nan ne gizo yake saƙa. A kusan duk kamfanonin nan babu hanyar komawa baya, in ka hau ka hau ke nan, ko riset ka yi saitinka ne kawai zai goge amma famwen yana nan a sabonsa. Shi ya sa jira yake da amfani, ka bar masu zumuɗi su fara ɗanɗanawa, bayan kwana goma ka rubuta sunan samfurinka da lambar famwen a wurin bincike ka ga me ake cewa. In mutum biyu ne suke ƙorafi iri daban-daban wannan ba komai ba ne, kowane ofdet sai an samu. In kuwa mutane da yawa suna faɗin abu ɗaya tak, misali kunnen dama yana zafi a kes, to ka tsaya har a fitar da na bayansa.

Labarin Bose QuietComfort 35 II ya isa misali ta fuska biyu. A 2019 bayan famwe 4.5.2 mutane da yawa suka ce kashe hayaniyarsa ya ragu, ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya yi bincike ya fitar da rahoto a 2020 yana cewa ba famwen ba ne, a waɗanda suka duba sun samu abubuwa irin su soson kunne da bai zauna daidai ba ko wanda ba nasu ba. Duk da haka suka buɗe damar komawa tsohon famwe na ɗan lokaci, kuma abin ya zama labari ne saboda ba a saba ganin haka ba. Darasin da na ɗauka shi ne kunne yana iya yaudarar mutum, don haka kafin ka yi ofdet ka yi ɗan gwajin da na kwatanta a tambayar canjin sauti.

Na yanke shawarar zan yi, me zan shirya kafin in danna?

Caji ne kan gaba, kuma ba caji ɗaya ba. Ka duba kunnen hagu, kunnen dama, kes, da wayar kanta. Manhajoji da yawa ba za su ma fara ba in cajin ya yi ƙasa, amma kada ka tsaya a iyakar da suka yarda, ni ba na farawa sai kowanne ya haura kashi 70. Ka tabbata lambar kowane kunne ka gani da idonka, don wata wayar lamba ɗaya kawai take nunawa a sama, ka ga abin da hakan ya jawo mini a tambayar kunne ɗaya.

Sai ka raba shi da duk wata na'ura da ya saba haɗuwa da ita. In yana haɗuwa da laftof ko wayarka ta biyu, kashe bulutut ɗinsu, don yana tsakiyar karɓar fayil laftof ya farka ya fizge shi ba abin mamaki ba ne. Ka kashe Battery saver, ka shiga saitin manhajar ka ba ta izinin aiki a bayan fage, saboda wayoyin Android da yawa da muke riƙewa suna da zafin hannu wajen kashe manhaja da zarar allo ya mutu. Ka sa wayar a Do not disturb, ka ajiye ta kusa da iyafis ɗin kamar taku ɗaya, ba wai ka sa ta a aljihu ka tafi alwala ba. Ka ɗauki hoton allon saitinka na ikwalaiza da na taɓawa da lambar famwen da kake kai yanzu, don wani ofdet ɗin yana mayar da komai yadda ya zo daga kamfani.

Abu na ƙarshe zafi. Apple ma cewa suka yi a yi amfani da AirPods tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce haka. Kada ka yi a cikin mota da rana ko a kan dashbod, ka bari sai da daddare a ɗaki.

A cikin kes zan bar su ko a waje? Kowa da abin da yake faɗa

Kowa da gaskiyarsa, don kamfanonin ne suka bambanta. Galaxy Buds ana sa su a kes a bar murfin a buɗe. AirPods ana sa su a kes a rufe murfin. Iyafis ɗin Sony irin WF-1000XM4 kuma a wajen kes ake barinsu ba a kashe ba, in ka mayar da su kes ana cikin yi ka katse aikin, haka manyan hedfon ɗinsu ana cire wayar caji kafin a fara. Saboda haka kada ka ɗauki dabarar abokinka mai wani samfurin ka ɗora a naka, abin da manhajar ta rubuta a allo kafin ka danna shi za ka bi, ko da ka saba tsallake irin wannan rubutun.

Me yake faruwa a ciki lokacin ofdet, kuma wane lokaci ne ya fi haɗari?

Zango uku ne. Da farko waya tana sauke fayil ɗin daga intanet, wannan ba ruwan iyafis, ko netwok ya yanke sai dai a sake. Na biyu waya tana tura fayil ɗin zuwa iyafis ta bulutut, shi ne mai cin lokaci, sandar nan da take tafiya kamar hawainiya. A yawancin na zamani fayil ɗin wani ɓangare na ajiya yake shiga daban, tsohon famwen yana nan yana aiki ba a taɓa shi ba, shi ya sa in ya katse a nan galibi ba a asarar komai sai lokaci.

Zango na uku ne abin tsoro, kuma shi ne mafi gajarta, minti ɗaya zuwa 'yan mintoci. Iyafis ɗin zai duba fayil ɗin ya cika, ya yanke haɗi da waya, ya kashe kansa, ya ɗora sabon, ya tashi. A wannan lokacin wayar za ta nuna kamar ya ɓace, fitila tana iya yin wani irin ƙyaftawa ko ta mutu gaba ɗaya, kuma daidai nan ne mutane suke rikicewa su fara danne maɓalli ko su cire kunne ɗaya su duba. Kada ka taɓa komai. Ko sandar ta kai 100 ba a gama ba sai manhajar ta ce an gama kuma ka ga sabuwar lamba. Ni ina ƙara minti biyar a kai ma kafin in ɗauka.

Data nawa zai ci, minti nawa, kuma in an ɗauke wuta fa?

Fayil ɗin ƙarami ne, yawanci 'yan megabait ne, bidiyo ɗaya na sitatus ya fi shi nauyi. Lokaci kuma ya danganta, wasu minti biyar zuwa goma sun gama, wasu manyan hedfon suna kai rabin awa har zuwa awa ɗaya, ba don fayil ɗin yana da girma ba sai don hanyar da ake tura shi siririya ce. Ɗauke wuta ba zai shafe ka ba tunda komai a kan batir yake, sai dai in ka fara da ƙaramin caji kana dogaro da soket. In samfurinka yana buƙatar kes ya kasance a jone, fawa bank ya fi soket ɗin bango kwanciyar hankali. In kuma da kwamfuta kake yi ta wayar USB, kamar yadda Bose suke da shi a btu.bose.com, to laftof mai lafiyayyen batir za ka nema, ba kwamfutar tebur da za ta mutu tare da nefa ba.

AirPods ɗina ban ga maɓallin ofdet ba, ya ake yi? Kuma Android nake riƙewa

Babu maɓallin, da kansa yake yi, kuma ba a iya hana shi. Abin da za ka iya kawai shi ne ka shirya masa yanayin. IPhone ko iPad ko Mac ɗin da yake haɗe da shi ya kasance a kan wayfai, ka sa kunnuwan biyu a kes ka rufe, ka jona kes ɗin a caji, ka bar shi kusa da wayar aƙalla minti 30 ba ka buɗe ba, sannan ka buɗe ya sake haɗuwa. Don ganin lamba ka shiga Settings, sai Bluetooth, ka danna alamar i da take gefen sunansa, ka sauka ƙasa wurin Version. In ba ta canja ba ka sake gwadawa wani daren.

A Android kuwa babu hanya, duk manhajar da ta ce za ta yi maka ofdet ɗin AirPods ka guje ta. Sai dai ka roƙi ɗan'uwa mai iPhone ya haɗa shi da tasa na dare ɗaya, bayan an gama ya cire shi daga wayarsa gaba ɗaya don kada ya maƙale a asusunsa. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren, sababbin Galaxy Buds ba su da manhaja a iPhone, sai ka nemi mai Android.

Ya tsaya a kashi kaza ya ƙi motsi, in kashe?

Ka fara ba shi minti 20 zuwa 30 tukuna, sandar tana iya tsayawa wuri ɗaya ta daɗe sannan ta yi tsalle. In har ya wuce haka, ka duba a wane zango yake. In rubutun yana cewa Downloading ko Transferring ne, ba matsala, rufe manhajar, mayar da su kes na minti ɗaya, kashe wayar ka kunna, ka sake farawa. In ya sake tsayawa a kusan wuri ɗaya to yawanci wayar ce take kashe manhajar, ka hana allo mutuwa har a gama, ko ka ari wata wayar ka yi da ita, wannan kaɗai yana warware da yawa.

In kuwa yana kan Installing ne ya maƙale, kada ka yi riset da gaggawa. Ka bar shi awa ɗaya, in bai dawo ba ka jona shi a caji ka bar shi ya cika, sannan ka yi riset irin na samfurinka.

Bayan ofdet kunne ɗaya ya daina aiki, ya mutu ke nan?

Yawanci bai mutu ba, rabuwa suka yi, ɗaya ya hau sabon famwe ɗaya yana kan tsoho sai suka daina fahimtar juna. Ni ma ta taɓa faruwa da ni da wani iyafis da nake ji da shi. Waya ta nuna mini kashi 90 na ce shi ke nan na danna, ashe na dama ne mai 90, na hagu kwana biyu ba ya caji sosai saboda datti ya toshe ƙananan ƙarafunan da suke taɓa kes, yana wajen kashi 15. Aka tura fayil, aka zo ɗorawa, na hagu ya mutu a hanya. Da na buɗe sai dama yana kiɗa, hagu ko fitila babu, manhaja kuma tana nuna kunne ɗaya kawai.

Ga yadda na bi. Na samu auduga a tsinke na ɗan jiƙa ta da sifirit, na goge ƙarafunan jikin kunnen da na cikin kes, abin da ya fito baƙi ƙirin har kunya na ji. Na bari ya bushe, na mayar da shi na ɗan danna har fitilar kes ta nuna ta gan shi, na jona caji na bar shi awa ɗaya ban taɓa ba. Da ya tashi sai ga shi ya fito a jerin bulutut shi kaɗai da sunansa, wato suna biyu iri ɗaya a jerin, wannan ita ce alamar sun rabu. Na yi Forget ga duka biyun a waya, na sa su a kes tare na yi riset, na sake haɗawa, sai manhajar ta sake kawo mini ofdet ɗin da kanta, wannan karon da hagu a kashi 100, ya wuce lafiya.

Riset ya bambanta, a AirPods masu maɓalli a bayan kes ana buɗe murfi a danne shi kamar daƙiƙa 15 har fitila ta yi ruwan lemo sannan fari, wasu kuma taɓa kunnuwan biyu ake yi a riƙe, ka duba takardar naka. In bayan gogewa da cikakken caji da riset sau biyu har yanzu ko fitila babu, to ya wuce gyaran gida, ka ɗauki rasidinka ka koma inda ka saya in garanti bai ƙare ba, ka kuma gaya musu ta manhajar kamfanin ka yi.

Ji nake sautin ya canja, bas ya ragu, hayaniya tana shigowa. Ofdet ɗin ne ko kunnena?

Zai iya zama kowanne, don famwe yana iya canja sauti da gaske, amma kafin ka ɗora masa laifi ka duba saiti. Sau da yawa ikwalaizarka ce ta koma sifili, ko kashe hayaniya ya koma yanayin da yake barin sautin waje ya shigo, ko wayar ta sauka daga LDAC, wato tsarin tura sauti mai inganci, ta koma SBC na gama-gari bayan sake haɗawa. Nan hoton allon da ka ɗauka zai yi maka rana. Sai robar kunne, in ta saki ko ka mayar da ita a karkace bas ne yake fara guduwa, haka soson babban hedfon in ya tsufa ya lotsa.

Gwajin da nake yi ba shi da wuya, amma sai an yi shi kafin ofdet da bayansa. Ka zauna wuri ɗaya ƙarƙashin fanka a lamba ɗaya, ko kusa da janareta in yana aiki, ka kunna kashe hayaniya ba tare da kiɗa ba ka lura da abin da ya rage kana ji. Sannan ka sa waƙa ko karatu ɗaya da ka sani sosai a murya rabi. Bayan ofdet ka maimaita a wurin nan, da fankar nan, da muryar nan. In ba ka yi na farko ba to gaskiya ƙwaƙwalwa ba ta riƙe sauti yadda muke zato, musamman in ka riga ka karanta ƙorafin wasu.

Ofdet zai gyara mini batir da yake saurin ƙarewa?

In iyafis ɗin ya shekara biyu ko uku yana aiki kullum, a'a. Batirin cikinsa ɗan mitsitsi ne kuma tsufa yake yi, babu famwen da zai mayar da tsoho yaro. Inda ofdet yake taimakawa shi ne in matsalar ta lissafi ce ko ta rashin barci, misali kana ajiye shi a kes da daddare da safe ka tarar kes ya zube, ko yana tsalle daga 40 zuwa 5.

In kuma bayan ofdet ne ka ga kamar yana zuba, auna shi. Cika shi 100, murya rabi, ka kunna kashe hayaniya, awa ɗaya cif, ka rubuta abin da ya rage a kowane kunne. A ce kafin ofdet hagu 84 dama 82, bayansa hagu 83 dama 80, wannan ba komai, da ma kunnen da yake riƙe da makirfo ko haɗi yakan ɗan fi ci. Amma in ka ga hagu 83 dama 55 to akwai magana, ka yi riset, ka cika shi ka sauke sau biyu ko uku don lissafin ya daidaita, ka sake aunawa. In bai canja ba ka kai ƙorafi da lambobin nan a hannunka. In kuwa yana zafi a kes ko ya kumbura, daina cajinsa nan take.

An turo mini fayil a guruf wai yana ƙara bas, wani mai gyara kuma ya ce zai yi mini filashin. In yarda?

Fayil ɗin guruf kam a'a. Famwe na samfuri ɗaya ne tak, wani lokacin ma samfuri ɗaya yana da zubi biyu da cif daban a ciki, in ka ɗora wanda ba nasa ba babu manhajar da za ta sake ganinsa balle ta gyara. Kuma yawancin abin da ake turawa ma ba famwe ba ne, APK ne, wato manhajar Android, da zai nemi izinin shiga saƙonninka. Bas kuwa ikwalaiza ce take ƙara shi, kyauta.

Mai gyara kuma ka tambaye shi da me zai yi. In manhajar kamfanin zai buɗe a wayarsa, wannan kai ma za ka iya, sai dai in ba ka da wayar da ta dace. In iyafis ɗin ya riga ya mutu kuma babu garanti to ba ka da abin asara, ya gwada. Amma mai lafiya ba a kai shi filashin. Sannan in AirPods ɗinka irin na kwaikwayo ne, tun daga iOS 16 iPhone takan nuna saƙon Cannot Verify AirPods ga waɗanda ta gano, irin wannan ba zai taɓa karɓar famwen Apple ba ko ya kwana bakwai a caji, lambar da yake nunawa a Version ma rubuta ta kawai aka yi.

Na sayi na hannu, ko na daɗe ban yi ba an wuce ni da ofdet da yawa. Bi da bi zan yi su?

Manhajar ce za ta zaɓa, yawanci kai tsaye take kai ka na ƙarshe, wani lokacin kuma ka gama ɗaya ta sake kawo wani, sai ka sake cika caji kafin na biyun. A na hannu ina ba da shawarar ka yi amfani da shi kwana biyu tukuna yadda yake, ka yi awon batir da gwajin fanka, don in akwai matsala ka san da ita ka saye shi, mai shago ba zai ce ofdet ɗinka ne ya ɓata ba. Ka kuma tabbata kunnuwan biyu asalin tagwaye ne, don ana haɗa hagu na wani da dama na wani a sayar, irin waɗannan lambar famwensu takan bambanta, kuma wani sa'in sai an sa su a kes tare an yi riset kafin ma su yarda su yi aiki a matsayin ɗaya.